Daga Bin Shaguna Zuwa Kujerar Darakta: Matakan Aikin Sayarwa a Kamfanonin Kayan Masarufi

Kamfanonin da ke sarrafa kayan masarufi a Najeriya, irin su Nestlé, Unilever, PZ Cussons, Flour Mills, Dangote da BUA, ba sa sayar wa mai saye kai tsaye. Kaya na fita daga masana'anta zuwa sitocin manyan diloli, daga nan zuwa 'yan sari na kasuwanni irin su Singa da Sabon Gari a Kano, sannan su sauka shagunan unguwa da teburan 'yan tireda da masu shayi. Sashen sayarwa na kamfani shi ne ke kula da wannan hanya daga farkonta har ƙarshenta. Sunayen muƙamai sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma matakan da ma'aikaci ke hawa guda uku ne manya: wakilin da ke bin shaguna, manajan da ke riƙe da manyan abokan ciniki, da daraktan da ke jagorantar sashen baki ɗaya. Abin da ya sa hawan ke da wuya shi ne kowane mataki aiki ne dabam. Ƙwarewar da ta ɗaukaka mutum a na farko ba ta isarsa a na biyu, wani lokacin ma ita ce ke kayar da shi.

Wakilin da ke bin shaguna

Yawancin masu shiga wannan aiki suna zuwa ne da digiri ko babbar difloma bayan sun gama hidimar ƙasa, ko da yake diloli na ɗaukar masu ƙaramar difloma da masu takardar sakandare su bi motocin rarraba kaya. Akwai bambanci a nan da ya kamata mai neman aikin ya sani tun da wuri. Wani wakilin ma'aikacin kamfani ne, wani ma'aikacin dila ne, wani kuma wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo shi a kan kwantiragi. Dukkansu suna sanya riga mai tambari iri ɗaya, amma albashinsu da damar ƙarin girmansu ba ɗaya ba ne. Wanda ke ƙarƙashin dila ko kwantiragi, matakinsa na farko shi ne ya samu shiga cikin kamfanin kansa.

Ana ba wakili yanki, a raba masa shi kwana-kwana. A ɗauka an ba shi shaguna 240 a wani ɓangare na gari, zai ziyarci 40 a kowace rana daga Litinin zuwa Asabar, kuma kowane shago ya san ranar zuwansa. Wannan tsari na ranaku shi ne ƙashin bayan aikin. Mai shagon da ya tabbata wakili zai zo masa kowace Talata ba zai rufe shago ya tafi Singa neman katan biyu na taliya ba, zai jira. Ranar da wakili ya saɓa sau biyu a jere, mai shagon ya koma kasuwa, ko ya karɓi kayan wani kamfanin da motarsa ta riga zuwa.

Ziyarar shago tana da tsari. Wakili ya gaisa, ya duba abin da ya rage daga kayan da ya kawo makon jiya, ya duba ranar lalacewarsu, ya jawo tsofaffin gaba ya mayar da sababbi baya, ya share ƙura, sannan ya yi maganar oda. Duba kayan da suka rage shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana tambayar mai shago me yake so, amsar kuma kusan kullum ita ce akwai saura. Gwani kuwa ya riga ya ƙirga: ya kawo katan uku makon jiya, rabin katan ya rage, ke nan shagon na sayar da biyu da rabi a mako, to idan bai ɗauki uku yau ba zai yanke kafin mako ya zagayo. Da wannan lissafi yake magana, kuma mai shago yana saurin yarda da lissafin da aka yi a gabansa da kayan da ke kan kantarsa.

Kamfani na auna wakili da abubuwa kaɗan, a yau galibi ta manhajar waya da ke nuna inda ya tsaya da lokacin da ya ɗauka. Ana duba shaguna nawa ya ziyarta, nawa ne daga ciki suka saya, nau'in kaya nawa kowane shago ya ɗauka, da kuɗin da ya karɓo. Idan cikin 40 guda 24 suka saya, ya samu kashi 60 cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma suna nuna inda matsala take. Wanda ke ziyartar shaguna da yawa amma kaɗan ke saya, ko dai yana gaggawa ne ko bai iya gabatar da kaya ba. Wanda kuma ke cika adadin da aka yanka masa na wata alhali shaguna kaɗan yake zuwa, da alama yana juye kayan ne wa 'yan sari biyu ko uku ya koma ya huta. Adadi ya cika a takarda, amma kayan ba su kai unguwannin da aka tura shi ba, kuma wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da suka fi hana wakili ci gaba idan aka gano.

Abin da ya fi hallaka wakilai shi ne kuɗi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kusan babu mai shagon da ba zai nemi a bar masa kaya zuwa mako mai zuwa ba. Wakili mai kunya yana bayarwa ba da izinin dila ba. Idan lokacin biya ya yi ba a biya ba, sai ya ɗauki kuɗin shago na biyu ya cike gurbin na farko, ya ɗauki na uku ya cike na biyu, har ranar da za a yi ƙidayar kaya a ga giɓi. Da yawa daga waɗanda aka kora a wannan mataki ba da niyyar sata suka fara ba, rashin iya cewa a'a ne ya kai su. Saboda haka rubuta kowane bashi, da sanin iyakar abin da kowane shago zai iya biya, da miƙa kuɗi a ranar da aka karɓe su, sun fi daɗin baki muhimmanci a wannan aiki.

Sauran abubuwan da ake buƙata sanannu ne: juriyar rana da tafiya, sanin kaya da farashinsu da na abokan hamayya, da harshen mutanen yankin. Wakilin da ya san cewa ba a tsayar da Alhaji da maganar oda ana kiran salla, ko a shiga ciniki kafin a tambayi iyali da kasuwa, ya riga ya wuce wanda bai sani ba. Mata wakilai suna da wata dama da kamfanoni ba su cika amfani da ita yadda ya kamata ba, domin suna shiga gidajen da mata ke sayar da magi da omo da man gyaɗa a ƙulle, kasuwa mai girma da namiji ba ya iya gani.

Akwai alama guda da shugabanni ke dubawa kafin su ɗaga wakili. Idan aka tambaye shi me ya sa ciniki ya faɗi a yankinsa, wani zai ce kasuwa ce ba ta tafiya. Wani kuma zai ce wani kamfani ya fito da ƙaramin ƙunshi mai araha, shaguna kaza sun karɓa, kuma masu shayi sun koma kansa saboda ribar da ke ciki ta fi. Na biyun ya fara tunani irin na mataki na gaba.

Manajan manyan abokan ciniki

A wannan mataki adadin mutanen da ake hulɗa da su yana raguwa ƙwarai, nauyin kowannensu kuma yana ƙaruwa. Maimakon shaguna 240, sai a ba mutum diloli biyu ko uku, ko jerin manyan kantunan zamani, ko masu gidajen burodi da ke sayen fulawa da sukari tirela-tirela. Rasa shago ɗaya ba ya girgiza wakili. Rasa dila ɗaya na iya ɗauke kashi ɗaya cikin uku na cinikin manaja a dare ɗaya.

Babban sauyin shi ne manaja ba ya rayuwa a kan odar yau. Aikinsa ya tabbatar abokin cinikin yana samun riba mai ɗorewa daga kayan kamfani, domin dilan da ke cin riba shi ne ke ƙara jari, ya ƙara mota, ya ƙi kula masu zawarcinsa daga wasu kamfanoni. Wannan na buƙatar lissafin da wakili bai taɓa yi ba, kuma misali zai fi bayyana shi.

A ɗauka wani dila ya zuba naira miliyan 60 a harkar kayan wani kamfani. Miliyan 40 tana kwance a sito a matsayin kaya, miliyan 15 tana hannun 'yan sari da masu shaguna a matsayin bashi, miliyan 5 kuma tana hannu don hidimar yau da kullum. Yana sayar da kayan miliyan 100 a wata, kuma ribarsa a kai kashi 4 cikin ɗari ce, wato miliyan 4. Daga ciki yana kashe miliyan 2.2 a man motoci da gyaransu, hayar sito, albashin yara, da kayan da suka fashe ko suka lalace. Abin da ya rage masa miliyan 1.8 ne. Idan aka auna wannan da jarinsa na miliyan 60, yana samun kashi 3 cikin ɗari a wata, kashi 36 a shekara. Ribar kashi 4 ƙarama ce a ido, abin da ke raya dila shi ne saurin juyawar kuɗin: kayan da ke sitonsa na kwanakin ciniki goma ne kacal, domin yana fitar da na miliyan 4 a kowace rana cikin kwanaki 25 na aiki.

To, sai ƙarshen wata ya zo, sabon manaja ya ga saura miliyan 30 ya cika adadinsa. Ya yi abin da ya saba yi yana wakili, ya je ya zauna da Alhaji, ya roƙa, ya haɗa da zumunci, har Alhaji ya ciyo bashin banki ko ya janyo kuɗi daga wata harkar ya ɗauki kayan. Manaja ya cika adadi, ya karɓi kamasho. Amma masu saye ba su ƙaru ba. Kayan sito sun tashi daga miliyan 40 zuwa 70, jarin dila ya koma miliyan 90, ribar wata tana nan a miliyan 1.8. Yanzu kashi 2 cikin ɗari yake samu a wata, kashi 24 a shekara. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba 'yan kasuwa bashi. A irin wannan yanayi dilan da ya ci bashi ya ɗauki ƙarin kayan hasara yake yi, ko da littafinsa na nuna riba.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Dila yana buƙatar kuɗinsa, sai ya loda kayan ya kai babbar kasuwa ya karya farashi. 'Yan sari daga wasu jihohi su saya da araha su kai yankunan wasu diloli, waɗanda su kuma ba za su iya sayar da nasu a farashin kamfani ba. Cikin makonni kaɗan farashin kayan ya lalace a yanki guda, diloli da dama sun fusata, kuma wata mai zuwa babu wanda zai yi oda. Alamomin da ake gane wannan da su a bayyane suke ga mai dubawa: yawancin odar wata tana faɗowa a kwanaki uku na ƙarshe, abin da kamfani ke sayar wa dila ya fi abin da dila ke fitarwa wata bayan wata, ana samun kayan a kasuwa ƙasa da farashin da dila ya saya, kuma katan-katan masu lambar wani yanki suna bayyana a wani.

Manajan da ya fahimci aikinsa yana neman miliyoyin ta wata hanya. Zai zauna da littafin bashin dila, ya ware waɗanda ke biya cikin mako da waɗanda suka wuce wata, a tsayar da bai wa na biyun kaya har sai sun rage, bashin kasuwa ya sauko daga miliyan 15 zuwa 10. Zai duba taswirar yankin ya ga ƙauyuka da unguwannin da mota ba ta zuwa, ya shawo kan kamfani ya taimaka da keke-napep biyu na kaya, dila ya ɗauki nauyin mai da direbobi, a ce naira dubu 400 a wata. Idan sabuwar hanyar ta kawo cinikin miliyan 15, ribarta dubu 600 ce, dila ya ƙaru da dubu 200 bayan an cire kuɗin hidima. Miliyan 5 da aka ƙwato daga bashi ta kusan isa sayen ƙarin kayan da sabuwar hanyar ke buƙata, don haka jarinsa bai wani motsa ba. Kamfani kuma ya samu ƙarin miliyan 15 da za ta riƙa dawowa kowane wata, domin mutane ne na gaske ke cinye kayan. Wannan hanya tana ɗaukar watanni kafin ta nuna, kuma a watan farko manaja zai iya kasa cika adadinsa. Jure wannan, da iya bayyana wa shugabansa dalili da alƙaluma, yana cikin aikin.

Daga nan ake ganin ƙwarewar da matakin ke nema. Ta farko lissafi ce: riba, jari, kwanakin kaya a sito, kwanakin bashi, da iya aiki da Excel ba tare da jiran wani ya haɗa masa ba. Ta biyu ciniki ne irin na yarjejeniya. Babban kanti zai nemi ragi, ya nemi kuɗin ajiye kaya a kanta mai kyau, ya nemi a ba shi kwana 30 ko fiye kafin ya biya. Ƙa'idar da gogaggu ke bi ita ce ba a bayar da komai kyauta: idan za a ƙara ragi, to a samu ƙarin wuri a kanta ko a rage kwanakin biya, kuma a rubuta. Ragin da aka bayar sau ɗaya don a faranta rai, shekara mai zuwa ya zama haƙƙi, daga kansa za a fara sabon ciniki.

Ta uku ba a cika faɗarta ba, ita ce aiki a cikin gida. Rabin matsalolin dila a cikin kamfani suke: motar da ba ta iso ba, kuɗin kayan da suka lalace da ba a mayar masa ba, ragin da aka yi alkawari sashen kuɗi bai saka a asusunsa ba. Manaja ba shi da iko a kan ma'aikatan sito ko na sashen kuɗi, amma dole ya sa su yi aikin. Dila yana auna manaja ne da yawan matsalolin da ya warware masa. Haka kuma bai kamata hulɗar ta tsaya ga maigida kaɗai ba. A yawancin manyan shagunan sari akwai ɗa ko ƙane ko wani amintaccen yaro da ke riƙe da littafi da makullin sito, kuma shi ne ya san gaskiyar abin da ke fita. Ranar da maigida ya tafi Umara ko ya miƙa harkar ga 'ya'yansa, manajan da bai san kowa ba sai shi zai koma baƙo.

Akwai haɗari guda da ke tattare da kusanci. Manajan da ya daɗe da dila ɗaya, ana yi masa alheri da salla, ana halartar bikinsa, yana iya wayar gari ya zama wakilin dila a cikin kamfani maimakon wakilin kamfani a wajen dila. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama ke da doka a kan karɓar kyauta, suke kuma sauya wa manajoji wurin aiki bayan 'yan shekaru.

Matakin tsakiya

Ba kasafai ake tsallakawa daga riƙe abokan ciniki zuwa darakta kai tsaye ba. A tsakani akwai manajan yanki, sannan manajan shiyya, misali mai kula da Arewa maso Yamma daga Kano ko Kaduna. A nan ne mutum ke fara samun sakamako ta hannun wasu, kuma a nan ne gwanayen sayarwa da yawa ke tsayawa. Gwani idan ya ga yaronsa na fama da wani abokin ciniki sai ya karɓe maganar ya gama cinikin da kansa. An samu oda, yaron bai koyi komai ba, kuma gobe sai an sake kiran manaja. Wanda ya iya, yana bin wakili yini guda yana kallo bai sa baki ba, bayan sun bar shago ya tambaye shi me ya gani, ya gyara masa abu ɗaya tak, ya dawo bayan mako biyu ya duba. Kamfanoni na son wanda za su ɗaga ya yi aiki a shiyya fiye da ɗaya, domin kasuwar Onitsha da ta Legas da ta Kano ba ɗabi'arsu ɗaya ba, kuma wanda ya ƙi barin garinsu ya rage wa kansa dama. A wannan mataki ne kuma mutane ke ƙara karatu, kamar digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci ko gajerun kwasa-kwasai irin na Makarantar Kasuwanci ta Legas. Takardar na taimakawa wajen tantancewa, amma ba ta maye gurbin tarihin yankin da mutum ya karɓa a lalace ya gyara.

Daraktan sayarwa

Darakta yana zaune a majalisar gudanarwar kamfani tare da shugabannin kuɗi, masana'anta, sufuri da tallata kaya. Ba ya sayar da katan ko ɗaya da hannunsa. Abin da yake samarwa shawarwari ne 'yan kaɗan da ke shafar dubban mutane, kuma kuskure ɗaya a cikinsu ya fi kuskuren wakilai ɗari tsada.

Na farko hasashen ciniki ne. Masana'anta na sayen alkama ko madarar gari ko ɗanyen sukari watanni kafin a sayar da abin da za a yi da su, yawanci da kuɗin waje, bisa adadin da darakta ya ce za a sayar. Idan ya zuzuta, kaya su cika sito su kusanci lalacewa. Idan ya rage, kaya su yanke a lokacin da kasuwa ke nema. A Arewa hasashen na bin yanayi: sukari da madara da taliya suna tashi gab da azumi, kuma azumin yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka kwatanta watan Maris na bana da na bara kai tsaye yaudara ce. Kuɗi na shiga hannun mutanen karkara da kaka, su ja baya da damina lokacin da aka zuba su a gona kuma hanyoyi suka lalace.

Na biyu farashi ne da ragi. Wakili da manaja kullum suna ganin da an rage farashi kaɗan da kaya sun tafi. Darakta dole ya yi lissafin da ke ƙasa. Idan ana sayar da katan naira 10,000, ribar kamfani a kai 2,000, ragin kashi 5 cikin ɗari naira 500 ce, riba ta koma 1,500. Ragin da ya yi kama da ƙarami ya cinye rubu'in riba, kuma sai an ƙara yawan abin da ake sayarwa da kashi ɗaya cikin uku kafin a dawo inda ake. Mutumin da ya taso yana murna da yawan katan dole a wannan kujera ya koyi ƙin cinikin da ba riba.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada masu wannan muƙami. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya janye tsabar kuɗi daga kasuwar da kusan duk cinikinta hannu da hannu ne. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin rarraba kaya ya yi tsalle. A watan Yuni aka saki naira, darajarta ta faɗi, kuma a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A cikin 2023 ɗin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, Procter & Gamble kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su. Daraktocin da suka rage sun fuskanci tambayoyi masu wuya: sau nawa za a ƙara farashi, a ƙara farashin ne ko a rage girman ƙunshi a bar shi a kuɗin da talaka ke iya fitarwa, yaya za a hana diloli ɓoye kaya idan sun ji ƙishin-ƙishin ƙari, kuma nawa za a ƙara wa dila a ribarsa tunda jarin da ke sayen tirela biyu bara yanzu ɗaya yake saya. Haka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya nuna wa kamfanoni cewa wani kaso na abin da suke ɗauka cinikin Kano ne, a gaskiya Maraɗi da Damagaram da Chadi yake tafiya.

Na uku shi ne tsara abin da ake biyan ma'aikata a kai, kuma a nan ne labarin dilan da aka cika wa sito yake da tushe. Manajan da ya tura kayan miliyan 30 ya yi abin da tsarin kamasho ya koya masa ne. Idan ana biyan lada a kan abin da kamfani ya sayar wa dila, za a cika sitoci. Idan ana biya a kan abin da dila ya fitar zuwa shaguna, da yawan shagunan da ke ɗauke da kayan, da kuɗin da aka karɓo a kan lokaci, ɗabi'ar ma'aikata za ta sauya ba tare da wa'azi ba. Haka adadin da ake yanka wa kowane yanki: idan ya yi nisan da kowa ya san ba a kaiwa, masu gaskiya su karaya, marasa gaskiya su nemi dabara.

Sauran aikin darakta zaɓen mutane ne da tsara hanyar kai kaya: diloli nawa za a naɗa a jiha, ina ya dace kamfani ya rarraba da motocinsa, wa za a ɗora a kan wace shiyya, wa ya kamata a sallama. Yana buƙatar karanta bayanan kuɗin kamfani kamar yadda shugaban sashen kuɗi ke karantawa, da iya faɗa wa shugaban kamfani da masu hannun jari labari mara daɗi da wuri. Haɗarin kujerar shi ne nisa da kasuwa, domin rahoto kafin ya iso ofishin Legas ya bi ta hannu huɗu ko biyar, kowane hannu ya ɗan gyara shi. Shi ya sa daraktocin da suka san aikin ke ware kwanaki a kowane wata su shiga kasuwa ba tare da sanarwa ba, su tambayi farashin katan a bakin 'yan sari, su duba ranar da aka sarrafa kayan da ke kan kanta. Kayan da aka yi wata biyu da suka wuce suna nuna hanya na gudana. Waɗanda suka kai wata takwas suna nuna akwai sito a wani wuri da ya cika.

Kujerar darakta ɗaya ce a kamfani, wakilai kuwa ɗaruruwa ne, don haka mafi yawa ba za su kai can ba, kuma ba kowa ne ya kamata ya nema ba. Wasu suna zama manajojin manyan abokan ciniki har su yi ritaya, da albashi da kamasho masu kyau, ba tare da ɗaukar nauyin shugabantar jama'a ba. Wasu suna komawa sashen tallata kaya ko na horar da ma'aikata. Wasu kuma, bayan sun san hanyoyin kasuwa da lissafin sito da mutanen da ke biyan bashi, suna ajiye aiki su haɗa jari su zama diloli na kamfanin da suka yi wa aiki.